Yadda ake rubuta takardar sanarwa ga iyalan da za su tafi Umra a ayari daga Legas

Na ɗauki wasu shekaru ina rubuta wa ayarin Umra na unguwarmu a Agege takardar da ake raba wa iyalai kafin tashi. A 'yan kwanakin ƙarshe tambaya uku ce ke hana jagoran ayari barci: da wa zan kwana, wa zai ciyar da ni, ƙarfe nawa za mu tashi. Idan takardar ta amsa waɗannan yadda kowane gida zai ga sunansa da lokacinsa ba sai ya buga waya ba, to ta yi aikinta. Zan bi da ku yadda nake haɗa ta, da misalin ayari mai mutum 38 da zai yi kwana 4 a Madina da kwana 6 a Makka.

Kafin ka ɗora alƙalami

Kada ka fara rubutu sai abu uku sun shigo hannunka a rubuce daga kamfanin da ya shirya tafiyar: tikitin kowa da kowa, takardar da otal ya tabbatar da yawan ɗakuna da gadajen da ke cikin kowanne, da kuma bayanin abincin da aka biya. Maganar baki ta wakilin kamfani, irin "ai Alhaji kada ka damu, komai ya kammala", ba abin da za ka sa a takarda ba ce. Duk abin da ka rubuta, iyalai za su riƙe shi a matsayin alkawari, kuma kai za su tara a harabar otal, ba wakilin da ke zaune a ofishinsa a Ikeja ba.

Sai ka jera sunayen matafiya kamar yadda suke a fasfo, ka sa sunan da aka fi sanin mutum da shi a gefe. Otal ba ya sanin Hajiya Babba ko Maman Biyu, sunan fasfo yake nema, su kuma abokan tafiya sau da yawa ba su taɓa jin sunan yanka na dattijuwar da suka yi shekara ashirin suna gaisawa da ita ba. A gaban kowane suna ka rubuta namiji ne ko mace, shekarunsa, wa ya zo da shi, da ko yana da lalura: ciwon suga, hawan jini, ciwon gwiwa mai buƙatar keken guragu. Wannan jerin naka ne kai da jagora. Lalurar mutum ba ta shiga takardar da kowa zai karanta.

Lokacin tashi: fara lissafi daga baya

Nan ne aka fi yin asara, don haka shi nake sawa a saman takarda. A ce jirginmu zai tashi daga filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Ikeja ranar Talata 13 ga wata, ƙarfe 01:30 kamar yadda tikiti ya nuna. Idan ka rubuta "jirgi zai tashi ranar Talata da dare", ka halaka mutane, domin wani zai shirya zuwa Talata bayan isha'i, alhali jirgin ya tashi tun kusan awa ashirin da suka wuce. Idan kuma ka rubuta "daren Talata", ka raba kan jama'a biyu. Dattawa da almajiran ilimi za su fahimci daren da zai waye Talata, kamar yadda muke cewa daren Juma'a muna nufin Alhamis bayan faɗuwar rana, matasa kuwa da yawansu za su ɗauka Talata ce da daddare. Na taɓa ganin magidanci da matarsa sun rasa jirgi a kan wannan kalma ɗaya, kuma kuɗin sabon tikiti daga aljihunsa ya fito.

Maganin shi ne ka daina ba lokacin jirgi muhimmanci, ka ba lokacin haɗuwa. Ka ƙirga daga 01:30 kana komawa baya. Yawanci ana rufe karɓar kaya awa ɗaya kafin tashi, amma ayari mai mutum 38, da tsofaffi da yara da keken guragu biyu, ba ya wuce layin awo da na shige da fice da na bincike cikin gaggawa. Ina ba mu awa huɗu, wato mu kasance a ƙofar tashar jiragen ƙasa da ƙasa ƙarfe 9:30 na dare ranar Litinin. Daga Agege zuwa can, hanya a sake ba ta kai awa ɗaya ba, amma yammacin Litinin ne, ma'aikata na komawa gida, kuma idan aka yi ruwa sai abin da Allah ya yi. Na ware awa biyu, motoci su tashi 7:30. Magariba a Legas tana faɗawa tsakanin 6:30 da 7:00 gwargwadon lokacin shekara, don haka za a yi sallah a masallaci kafin a hau mota. Auna kaya da kiran suna da sallama da dangi suna cin awa guda da rabi. Haɗuwa ke nan ƙarfe 6:00 na yamma. Ga yadda nake rubuta shi:

"Za a haɗu a harabar masallaci ranar LITININ 12 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma, kafin magariba. Motoci za su tashi 7:30 daidai, ba za a jira kowa ba. Jirginmu zai tashi a wannan daren ne, ƙarfe 1:30 bayan sha biyun dare. Shi ya sa za ku ga an rubuta Talata 13 a tikiti. Kada kowa ya jira Talata."

Ba duk 'yan ayari ke zaune a Agege ba. Akwai masu zuwa daga Obalende, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago, wani ma daga Ajah. Ga na nesa, musamman masu tsallako gadar Third Mainland, ka ba su zaɓi a fili: ko su iso masallaci 6:00, ko su wuce filin jirgi kai tsaye su tsaya a ƙofar da ka ambata ƙarfe 9:00. Amma su faɗa maka wanda suka zaɓa kwana biyu kafin ranar, in ba haka ba za ka tsayar da mota cike da mutane kana neman wanda tuni yana Ikeja. Ka kuma jaddada cewa tashar jiragen ƙasa da ƙasa ce, ba ta jiragen cikin gida ba, kuma ba sansanin alhazai ba. Wanda ya taɓa zuwa Hajji ta hannun hukuma ƙafarsa sansanin take kai shi.

Nauyin kaya ka kwafo shi daga tikiti, kada ka rubuta na bara. Idan tikiti ya ce jaka biyu, kilo 23 kowacce, ka bayyana cewa ba a haɗa su a yi jaka ɗaya mai kilo 46. Ka tanadi sikeli a masallaci, gara a rage kaya a gaban dangi su koma da shi gida da a buɗe jakar dattijuwa a tsakiyar filin jirgi. A layi ɗaya ka lissafa abin da zai zauna a jakar hannu: fasfo, takardar biza, katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, magani da takardar likita, da abin sawa na kwana ɗaya. Goro kuma ka rubuta shi da manyan baƙaƙe cewa ba a tafiya da shi, hukumar NAHCON ta sha yin gargaɗi a kansa. Haka saƙon da wani zai ce a kai wa ɗan'uwansa, kada kowa ya karɓi abin da bai buɗe ya gani ba.

Sai ka ƙara jimla ɗaya a kan agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne. Ka rubuta cewa daga sauka Madina duk lokutan da ke cikin takardar agogon Saudiyya ne.

Rabon ɗakuna

Wannan ya fi kowane sashe jawo ɓacin rai, saboda mutane suna zaton tunda gida ɗaya suka fito, ɗaki ɗaya za a ba su. Dole takardar ta faɗi ƙa'ida tun kafin ta kawo sunaye: kuɗin da aka biya na ɗaki mai mutum huɗu ne, maza daban, mata daban, miji da matar da ke son ɗakinsu su kaɗai za su yi ciko.

Mu yi lissafin ayarinmu. Mutum 38 ne, mata 21, maza 17. Ma'aurata uku sun nemi ɗaki mai mutum biyu, an cire mutum 6, saura mata 18 da maza 14. Idan ka raba mata huɗu-huɗu za ka sami ɗaki huɗu, biyu su yi saura. Maza ɗaki uku, su ma biyu su yi saura. Waɗannan biyun da suka rage su ne matsalar, domin ko dai a ɗora masu kuɗin ɗakin mutum biyu da ba su nema ba, ko kamfani ya cusa su cikin baƙin wani ayari. Abin da nake yi shi ne in sake rabon: mata ɗaki uku masu huɗu da ɗaki biyu masu uku, 18 ke nan, maza ɗaki biyu masu huɗu da ɗaki biyu masu uku, 14. Da na ma'aurata uku, ɗaki 12 gaba ɗaya.

Amma wannan gyaran yana da kuɗi. A ɗauka, don sauƙin lissafi, ɗaki riyal 480 ne a dare ko mutum nawa ne a ciki. Mai kwana cikin huɗu riyal 120 ke kansa, cikin uku 160, cikin biyu 240. A dare goma, na ɗakin uku ya fi na ɗakin huɗu da riyal 400, ma'aurata kuma kowannensu ya fi da riyal 1,200. Ma'aurata su suka nema, su za su biya. Mutum 12 da ke ɗakunan uku fa? Cikonsu riyal 4,800 ne a haɗe. Idan an fara tambaya, sau da yawa za ka sami masu son ɗakin uku da kansu, kamar uwa da 'ya'yanta mata biyu, su biya da daɗin rai. Idan ba a samu ba, ra'ayina shi ne a raba cikon a kan duk mutum 32 ɗin, kowa riyal 150, tunda lissafi ne ya jefa su can ba zaɓinsu ba. Ko wanne aka yanke, a yanke shi a Legas, a rubuta shi a takarda, a karɓi kuɗin kafin a hau jirgi. Neman ciko a Makka daga hannun wanda ya riga ya ƙirga guzurinsa yana ɓata zumunci.

Wajen haɗa mutane, ina fara da masu rauni. Kowace dattijuwa a sa ta da wadda za ta iya riƙe mata hannu zuwa Harami, 'yarta ko jikarta in akwai, kuma kada a tara tsofaffi huɗu ɗaki ɗaya da sunan ai sa'o'in juna ne, domin ranar da ɗaya ta zame a banɗaki babu mai ɗaga ta. Mai goyo a sa ta ɗakin uku, kusa da ɗakin mijinta idan otal ya yarda. Suruka da matar ɗa, ko kishiyoyi, ka tambayi kowacce a keɓe, kada ka yanke masu. Wata Hajiya ta taɓa ja na gefe ta ce, "Ɗan nan, don Allah kada ka haɗa ni da matar ɗana. Yarinyar kirki ce, amma kunyata za ta hana ta sakewa kwana goma." Na ce, "To Hajiya, wa kike so?" Ta zaɓi ƙawarta ta islamiyya, ita kuma yarinyar na sa ta ɗakin da ke kallon nasu. Yaro namiji da ya kusa balaga yana bin mahaifinsa ko kawunsa, ka faɗi wannan a takarda don kada a yi gardamarsa a gaban teburin otal. Ka kuma fayyace ko ƙaramin yaro an biya masa gado ko da uwarsa zai kwanta.

Kada ka rubuta lambar ɗaki, otal ba ya bayarwa sai an isa. Ka sa wa ɗakunan suna da kanka: Mata 1, Mata 2, Maza 1, haka har ƙarshe, ka jera sunaye a ƙarƙashin kowanne, ka ja layi a ƙarƙashin sunan shugaban ɗaki, wanda zai karɓi katin buɗe ƙofa ya kuma ƙirga mutanensa duk lokacin da za a hau mota. Da haka kiran suna ya koma kiran mutum 12 maimakon 38. Ka gaya masu gaskiya a kan abu biyu: a ɗakin huɗu gado na uku da na huɗu sau da yawa ƙanana ne da ake ƙarowa, banɗaki kuma ɗaya ne; sannan ba ka yi alkawarin hawa ɗaya ko tagar da ke kallon Harami ba. Ka sa ranar ƙarshe ta neman canji, kamar kwana biyar kafin tafiya, domin bayan an tura wa otal jerin sunaye canji yana wahala.

Abinci

Kalmar "an haɗa da abinci" ba ta gaya wa kowa komai. Ka rubuta sau nawa a rana, wanne da wanne, a ina, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, kuma na Madina daban, na Makka daban, domin ba lallai su zo ɗaya ba. A misalinmu an biya karin kumallo da abincin dare, na rana kowa da aljihunsa. Sai ka rubuta hakan ƙarara, ka ce kowa ya ware kuɗin abincin rana na kwana goma. Lokutan ɗakin cin abinci ka karɓo su daga otal, ka kuma yi gargaɗi cewa wanda ya zauna Harami har aka rufe ya rasa, ba a ajiyewa, ba a mayar da kuɗi. Idan da Ramadan ne, ka sauya su zuwa sahur da buɗa-baki.

Abin da aka fi mantawa shi ne giɓin da ke tsakani. Daga haɗuwa ƙarfe 6:00 na yamma zuwa lokacin da za a kawo abinci a jirgi ya haura awa takwas, don haka kowa ya ci ya ƙoshi ko ya riƙo abin da zai ci a filin jirgi. Idan kuma an sauka Madina da hantsi, otal-otal da yawa ba sa ba da ɗaki sai wajen la'asar, kuma abincin farko da aka biya na dare ne. Ka rubuta a fili wanne ne abincin farko da wanne ne na ƙarshe a kowane gari. Mai ciwon suga ya riƙe biskit ko dabino da ruwa a jakar hannu, wannan layin kada ya faɗi daga takardarka.

Ka kuma faɗi irin abincin. Idan na otal ne, galibi shinkafa ce da kaza, burodi, ƙwai, wake, madara da shayi, ba tuwo da miyar kuka ba. Idan kamfani ya ce akwai mai dafa abincin gida da zai riƙa kawowa, ka tambayi inda za a riƙa karɓa da wanda zai raba. Dattijon da bai saba ba zai iya kwana uku yana shan shayi kawai bai gaya wa kowa ba, saboda haka shugaban ɗaki ya sa ido, iyalai kuma su taho da garin kunu da yaji a ƙulle da kyau. A gaya masu ba a girki a ɗakin otal.

Tashi na biyu da na uku

Tafiyar tana da tashi uku, ba ɗaya ba, kuma kowanne yana son layinsa. Daga Madina zuwa Makka kusan kilomita 450 ne, mota takan ci awa biyar zuwa shida har da tsayawa. Yawanci ana sallamar ɗaki da sha biyun rana, don haka ka rubuta a sauko da kaya ƙarfe 11:00, a yi wanka, maza su ɗaura harami tun a ɗaki, a yi azahar, mota ta tashi 2:00, a tsaya miƙatin Zul Hulaifa, wanda direbobi ke kira Abyar Ali, a yi niyya. A can motoci suna da yawa kuma sun yi kama, ka sa a rubuta lambar motarku a tafin hannu ko a bayan katin wuya, ka ba da minti talatin. Idan kuwa ayarinku Makka zai fara ta Jidda, dole takardar ta ce haramin maza ya zauna a jakar hannu, domin a sama za a ratsa miƙati.

Ranar dawowa ma daga baya za ka ƙirgo: lokacin jirgi, awa huɗu a filin jirgin Jidda, awa biyu na hanya daga Makka, awa ɗaya na loda kaya, sannan lokacin da mai ɗawafin bankwana zai kasance ya dawo otal. Ka ambaci sunan tashar da ke kan tikiti, domin filin jirgin Jidda yana da tasha fiye da ɗaya kuma suna da nisa da juna. Zamzam kuma kada a cusa jarkoki cikin jaka, mai lita 5 da aka rufe a kwali ita ake bari, idan tikitinku ya ba da dama. Ga masu zuwa tarba a Ikeja, ka ba su ranar sauka da lokacinta bisa agogon Najeriya, ka ce su ƙara awa biyu na fitowa.

Rabawa

Kada takardar ta wuce shafi biyu: na farko lokuta da abinci, na biyu jerin ɗakuna. A ƙasa lambobin waya biyu, ta jagora da ta wata mace da mata za su iya kira ba nauyi, da sunan otal na Madina da na Makka da Larabci da boko, don wanda ya ɓata ya nuna wa direban tasi. A saman shafi ka sa kwanan wata da "Sanarwa ta 1". Idan kamfanin jirgi ya sauya lokaci, ka fitar da "Sanarwa ta 2", layin farko ya faɗi abin da ya canza, ya kuma ce ta farko ta daina aiki.

Kafin ka raba, ka ba mutum biyu da ba su san shirin ba, dattijo ɗaya da matashiya ɗaya, su karanta, ka tambaye su: wace rana za ka bar gida, da wa za ka kwana, wa zai biya abincin rana? Duk wanda ya yi jim kafin ya amsa, wannan layin yana son gyara. Sannan ka buga kwafi ɗaya ga kowane gida, ka tura hotonta ta WhatsApp, ka karanta ta da bakinka a saƙon murya saboda waɗanda ba sa karanta boko. Idan akwai Yarbawa maƙwabta a ayarin, a yi masu kwafi da Turanci ko Yarbanci, lambobin su zama iri ɗaya. Kowane mai gida ya amsa da sunansa cewa ya gani, ka riƙa sa alama a jerinka, wanda kuma bai amsa ba zuwa ranar Asabar bayan isha'i ka kira shi ranar Lahadi da safe, ka sa ya maimaita maka ranar haɗuwa da bakinsa.